Baba Ya Dawo, Ko Tukuna

Ranar da Malama ta koma aiki bayan hutun haihuwa, abu biyu ta tarar a kan teburinta: kofin shayin wani da ƙudaje suka riga suka yi wa ta'aziyya, da wata takarda mai sunaye shida. A saman takardar an rubuta cewa waɗannan yara za a mayar da su aji uku ranar Litinin, domin ba su kama aikin aji huɗu ba. Suna na huɗu sunan 'yarta ne.

Ta karanta sau biyu. Ta ɗauki kofin ta kai famfo ta wanke, duk da ba nata ba ne, sannan ta dawo ta sake karantawa. Sunan yana nan inda ta bar shi.

Mataimakin shugaba ne ya riƙe mata darasin Hausa wata ukun da ba ta nan. Dattijo ne mai shekara ashirin da takwas a bakin allo, kuma yara suna kiransa Malam Kungane, saboda ba ya kai ƙarshen jimla bai tambaya ba. Su kuwa arba'in da biyu sai su haɗa baki su ce sun gane, har a ji su a ofis. Da lokacin gwaji ya zo, ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi jimla a lokacin da aka ce masa: shuɗaɗɗe, mai ci, ko mai zuwa. 'Yar Malama tana da in'ina. A gida maganarta takan fito in an ba ta lokaci, amma in aka tsayar da ita gaban mutane, harafin farko sai ya maƙale mata kamar ƙayar kifi. An ba ta ƙidaya goma. Ta kai "za... za... za", aka ce ta zauna.

Malama ta sami Shugaba a ofis tana neman tabaronta, wanda ke kanta.

"Ranki ya daɗe, maganar takardar nan ce."

"Na san za ki zo. Uwa kika zo ko malama?"

"Wacce za ki fi saurara?"

"Ba ko ɗaya. Ina da taro."

Duk da haka ta saurara. Malama ba ta ce yarinyar tana da ƙwazo ba, don kowace uwa haka take cewa. Cewa ta yi gwajin baki ya auna, ba abin da ke cikin kai ba. Shugaba ta gano tabaron, ta ce to a nuna mata a aji ranar Alhamis, ita da Mataimaki za su zauna. Amma da sharaɗi: Malama ba za ta kira yarinyar ba, ba za ta tsaya kusa da ita ba, kuma abin da aka tambayi kowa shi za a tambaye ta.

Ƙananan allunan makarantar suna hannun malamin lissafi, wanda ake kira Malam Saura. A kwali yake ajiye su a ƙarƙashin teburinsa, yana ɗora ƙafa a kai. Ya ƙirga mata talatin da takwas, ɗaya ya tsage a kusurwa, sannan ya ja takardar tsarin darasinta ya duba ba tare da an roƙe shi ba.

"Ina za ki sa shingen?"

"Wane shinge?"

"Inda za ki tsayar da motar ki leƙa abin da ta ɗauko. Na ga kin rubuta 'ɗaga allo' a ƙarshe, minti na talatin da takwas."

"Sai na gama koyarwa ai."

"Ƙanwata, in kika kama ɓarawo ana kaɗa ƙararrawa, ina za ki kai shi? Gida zai tafi da kayan."

Ya ɗauki jan biro ya yi mata layi uku. Na farko a minti na biyar, kafin ta koyar da komai, don ta san inda aka bar mata su. Na biyu bayan ta gama abu guda, kafin ta ɗora wani a kansa. In fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun faɗi, ta koma baya, ko da Shugaba na kallon agogo. Na uku a minti na talatin, a bar goma na gyara.

"Kada ki wuce uku. Shinge in ya yi yawa, mota ba ta isa gari. Amsa kuma gajeriya, kalma uku ko huɗu, da manyan baƙaƙe. Su rubuta, su kifa a ƙirji, sai kin ƙirga uku su ɗaga tare. In ba haka ba, amsar yaro ɗaya za ki karanta sau arba'in."

"Allunan ba su kai ba."

"Mijinki ba kafinta ba ne? Ko shi ma hutun haihuwa yake?"

Mijin ya yanko mata falle huɗu daga ragowar wata ƙofa, ya shafa musu baƙin fenti, ya jingina su a bangon tsakar gida. Da yammacin Laraba Malama ta zauna kusa da su tana sake rubuta tsarin, jaririn a cinyarta yana cin gefen takardar. Surukarta, wadda kowa ke kira Kaka, tana tsintar shinkafa a faranti. Yarinyar kuma tana gefe tana fere fensir da ya riga ya yi tsini.

Malama ta ɗaga kai ta dube ta. Tambayoyin gobe suna nan a rubuce, tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ta juya takardar ta kifa.

"Ki faɗa mata mana, 'yar nan," in ji Kaka, ba ta ɗago daga farantin ba. "Wa zai sani?"

"Ita za ta sani, Kaka."

"To, kya ji da shi. Ni dai na san takwarata ba ta da matsala. Bakin ne ke jan ƙafa, shi ma ya warware wata rana."

Yarinyar sunan Kaka ta ci, shi ya sa Malama ke kiranta Mamana. Ta matso ta tsaya a gefen uwarta, ta daɗe kafin maganar ta fito.

"Umma, za a m-m-mayar da ni?"

"Gobe ki rubuta abin da kika sani kawai, Mamana. Ki yi manyan baƙaƙe. Kuma a aji ba Umma."

"Na s-sani, Malama."

Ranar Alhamis, Mataimaki ya riga kowa kai kujerarsa bayan aji, inda masu duba darasi suka saba zama. Malama ta bi shi ta ce, da girmamawa, daga can ƙeyar yara kawai zai gani, allunan gaba za su kalla. Ya ce shekara ashirin da takwas yana zama a baya. Shugaba ta ce to yau ya ga yadda fuskokinsu suke. Aka ajiye kujerun biyu a gefen babban allo, kusa da taga.

An raba alluna da guntayen alli da tsumma ɗaya ga kowane benci. Minti biyu suka tafi wajen raba faɗan wanda zai riƙe tsumma. Yarinyar tana benci na biyar, jikin bango, allon da ya tsage ne ya faɗo mata. Malama ta gani, ta kau da kai.

Shingen farko ya wuce lafiya. Ta rubuta jimla uku ta sa musu lamba: na ci, ina ci, zan ci. Ta ce kowa ya rubuta lambar wadda ta riga ta wuce. Ta ba su lokacin tunani, suka kifa a ƙirji, ta ƙirga uku. Ta fara dubawa daga bencin baya, kamar yadda Malam Saura ya ce, don na gaba kullum su ake gani. Talatin da tara sun rubuta ɗaya, har da mai tsagaggen allo. Biyu sun rubuta uku. Ɗaya ya riƙe nasa a juye, ya ce shi ma ɗaya ce, ko ta ina aka duba.

"Na faɗa miki an gama wannan," Mataimaki ya ce wa Shugaba, da muryar da shi a ganinsa raɗa ce.

Malama ta yi minti goma a kan yadda ake ɗauke aiki daga jiya a kai shi gobe. Na share, zan share. Ta dafa, za ta dafa. Ta sa suka kawo nasu misalan, wata ta ce "an doke ni, za a doke ni", aka karɓa, don nahawun daidai ne. A tsarinta, wannan shi ne lokaci mai zuwa na ɗaya, na biyun sai bayan shinge. Ta goge allo ta rubuta da manyan baƙaƙe: Baba ya dawo. Ta ce a mayar da shi lokaci mai zuwa.

Alli ya yi ta ƙara. Aka kifa. Ɗaya, biyu, uku.

Baba zai dawo. Baba zai dawo. Benci bayan benci, wasu sun raba "za" da "i", wani ya manta Baba gaba ɗaya, amma hanya ɗaya suka bi. Ta bar benci na biyar a ƙarshe da gangan. Da idonta ya isa, allon da ya tsage yana sama, an riƙe shi da hannu biyu, rubutun manya-manya kamar yadda aka ce.

Baba ya dawo.

"Ta kwafe tambayar," in ji Mataimaki. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ciro takardar sunayen daga aljihu ya shimfiɗa a gwiwa.

Shugaba ta dubi Malama.

Malama ta ji nononta ya kawo, kamar yadda yake yi in jaririn ya yi kuka, ko da yake jaririn yana gida wajen Kaka. Yarinyar ba ta sunkuyar da kai ba. Ba haka take yi ba in ta san ta yi kuskure. Takan ɓoye fuska a bayan hannu. Yanzu kallon uwarta take yi kai tsaye, tana jira. A saman kalmar tsakiya akwai ɗan dusu-dusun alli, inda wuyan riga ya goga lokacin da aka kifa allon.

Malama ta juya ta dubi abin da ita kanta ta rubuta. A kunnenta ta ji muryar Kaka jiya: shi ma ya warware wata rana. Ba cewa ta yi ya riga ya warware ba. Muryar ta hau kan "ya" ta gangaro, shi ke nan magana ta koma gaba. Baba ya dawo, yana ɗaki yana cin abinci. Baba yâ dawo, a yi haƙuri a jira. Baƙaƙen ɗaya ne, bambancin a murya yake, sai in an ɗora wa wasalin 'yar hula kamar yadda littafin nahawu ke yi. Ita ta zauna da jariri a cinya ta tsara tambaya mai amsa biyu, ta biyun kuma ba a ganinta a allo. Dokarta ta kifa allo a ƙirji kuma mai yiwuwa ita ta cinye hular.

Mai yiwuwa. Wataƙila kuma kwafewar aka yi, dusu-dusun datti ne kawai.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ce a karanta da baki, kowa ya ji muryar. Ta san abin da zai biyo baya: "Ba... ba... ba", yara arba'in da ɗaya suna jira, wani yana danne dariya. Kuma an ce kada ta kira ta.

"Kowa ya goge," ta ce. "Laifina ne, tambayar ba ta yi ba. Ga wata."

"Wannan yana cikin tsarin?" Mataimaki ya tambaya, yana duba kwafin da aka ba shi.

"A'a, Malam. Yanzu ya shiga."

Tana buƙatar jimlar da baƙaƙenta za su sauya ko ta wace hanya aka bi, ba sai an dogara da hula ba. Na, ka, ya, ta, duk ba za su yi ba. Ta rubuta: Yara sun dawo. Ta ce a mayar da shi lokaci mai zuwa, kamar ɗazu. Ta san in "sun" ya sake dawowa a allon nan, ita da kanta ta tabbatar da takardar a gaban kowa. Ta tsaya a inda take, hannunta a baya, tana murza alli har ya zama gari.

Ɗaya, biyu, uku.

Yara za su dawo, ko'ina. A benci na biyar kuwa, allon bai taɓa ƙirji ba wannan karon, an riƙe shi nesa da riga, an kare shi da gwiwar hannu. Yara sâ dawo. Hular tana zaune a kan wasalin, an yi ta babba har ta kusa fin harafin.

Shugaba, wadda kimiyya ta koyar kafin a ba ta ofis, ta gyara tabarau.

"Sa dawo? Wannan Hausa ce ko ta gaji ne a hanya?"

Mataimaki ya daɗe yana kallon allon.

"Lokaci mai zuwa na biyu ne, ranki ya daɗe. Kamar a ce ma gani, ko kwa ji. Daidai ne." Ya yi gyaran murya. "Mako biyu na yi ina koyar da shi. Har hular ni na nuna musu."

"To madalla. Ashe duk sun iya."

"Sun ce sun gane."

Malama ba ta dubi benci na biyar ba. Ta ce a goge. Tun da magana ta zo, ta jawo shingen da ta tanada wa minti na talatin ta kafa shi a nan, don ta san ko maimaici za ta yi ko sabon gini. Ta rubuta: Mun ci. Ta ce a kai shi lokaci mai zuwa na biyu, wanda Malam ya koyar.

Wannan karon allin bai yi ƙara sosai ba. Da aka ɗaga, ta ƙirga a fili, Shugaba na ƙirgawa tare da ita da kan biro. Bakwai sun rubuta "ma ci". Goma sha tara sun sake rubuta "za mu ci". Akwai "muka ci", akwai "mu ci", akwai alluna biyar da ba komai. Wani a bencin baya ya rubuta "ban ci ba".

"Wannan wane lokaci ne?" Malama ta tambaye shi.

"Tun safe, Malama."

Shugaba ta miƙa hannu ta karɓi takardar sunayen daga gwiwar Mataimaki, ta ce masu "ma ci" su bar allunansu a sama. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambayar Malama sunayensu. Uku daga cikin bakwai ɗin suna takardar.

"Kun gane?" Mataimaki ya tambayi ajin. Bakinsa ne ya saba, ba shi ya aike shi ba.

"Mun gane!"

Malama ta ajiye tsarin darasin a kan tebur, ta ɗora dasta a kai. Ta tambaye su me kaka ko inna ke cewa in yaro ya ƙi jin magana. Aka ce "kya gani". In an yi faɗa a hanyar gida fa? "Ma haɗu." Ta rubuta su, ta jera kin da kya, mun da ma, kun da kwa, sun da sa. Sai da waɗannan suka zauna sannan ta kawo masu rikicin, ta faɗi "ya dawo" da "yâ dawo" da bakinta, suna nuna baya ko gaba da babban yatsa. A minti na talatin da biyu ta sake sa aka ɗaga allo: kun ji. Talatin da ɗaya suka rubuta "kwa ji". Sauran goma sha ɗayan ta lura da bencinsu, ta yi sauran mintunan a kansu, har aka kaɗa ƙararrawa.

Yara suka fita. Yarinyar ta tsaya tattara alluna tare da 'yan bencinta, ta kawo su tebur. A wuyan rigarta, daidai ƙarƙashin haɓa, akwai farin alli. Malama ta kai hannu za ta kakkaɓe, ta tuna inda take, ta mayar da hannun kan kwali.

"Na gode. Je ki sha iska."

"To, M-malama."

Mataimaki ya karɓi takardarsa daga hannun Shugaba. Ya zaro biro, ya gwada shi a tafin hannu, ya ja layi a kan suna na huɗu. Ya ɗan tsaya, ya ja a kan sauran biyun.

"Ai dama na san da wani abu a kan yarinyar nan," ya ce. "Ni na koya mata."

"Haka ne, Malam. Saura uku."

"Su ba su rubuta ba."

"Talatin da biyu da ba sa takardar su ma ba su rubuta ba. A ba ni mako biyu da allunan nan kafin a taɓa kowa."

Mataimaki ya dubi Shugaba. Shugaba ta miƙe tana laluben tabaronta, wanda ke fuskarta.

"Ma gani," ta ce.

"Ranki ya daɗe, wannan na biyu ne, ba shi da tabbas. A ba ni na ɗaya."

Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa.

"Za a ba ki mako biyu. Ki mayar wa Malam Saura kwalinsa kafin ƙafarsa ta yi tsami."

Malama ta ƙirga allunan. Talatin da takwas ta sa a kwali, huɗun mijinta ta zuba a jaka. Mai tsagewar yana sama, an goge shi amma ba sosai ba. Ta ɗauki tsumma ta ƙarasa.